Masarar Haɗaka: Yadda Gida Huɗu Za Su Raba Kuɗin Mota da Giɓin Awo

Assalamu alaikum Anti. Mu huɗu ne maƙwabta a wata unguwa a Kano muka haɗa kuɗi, ƙanin maigidana ya je kasuwar hatsi ya sayo mana masara buhu 3, kowane buhu naira 48,000, bisa lissafin kwano 40 a buhu. Hajiyar da gidanta ke kallon namu ta ce kwano 60 take so, ni 30, matar wani malamin makaranta 20, wata amarya kuma 10. Mota ta ci naira 9,000, dako 1,500, la'ada 1,500, sai na raba 12,000 ɗin gida huɗu, kowa ya ba da 3,000. Da aka zo awo su na fara sallama, ni da na zo ƙarshe kwano 24 na samu. Yanzu amarya tana cewa an cuce ta, don naira 1,500 ake sayar da kwano a bakin titinmu. Hajiya kuma ta ce ba don yawan nata ba da ba mu samu farashin sari ba, saboda haka kada a ƙara mata ko sisi. Ni kuma ga giɓin kwano 6 a kaina. Yaya zan yi ba tare da zumunci ya lalace ba?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Amarya tana da gaskiya, ke ma kina da haƙƙin da ya maƙale a hannun abokan haɗakarki, kuma matsalolin biyu tushensu ɗaya: an ƙirga gidaje a inda ya kamata a ƙirga kwanuka. A sayayyar haɗaka irin wannan, duk abin da aka kashe tun daga bakin rumfar mai hatsi har zuwa ƙofar gida ana tara shi wuri guda, a raba shi a kan adadin kwanon da aka auna aka gani da ido, sannan kowa ya biya gwargwadon kwanon da ya shiga gidansa. Idan aka bi wannan, ƙorafin amarya da asararki duk za su warware a lissafi ɗaya.

Bari mu fara da kuɗin mota, tunda a nan hayaniyar ta fi ƙarfi. Lokacin da ƙanin maigidanki ya tsaya ciniki da mai mota, abin da mai motar ya duba shi ne yawan buhunan da nisan tafiyar, bai tambayi gida nawa za su ci masarar ba. Ɗan dakon da ya ɗora kayan a kan buhu aka biya shi, haka shi ma dillalin a kan buhu ya karɓi la'adarsa, wato 500 a kowane buhu. Tunda nauyin kaya ne ya jawo waɗannan kuɗaɗe, nauyin kowa ne ya kamata ya nuna abin da zai biya. Rabin abin da motar ta ɗauko na Hajiya ne, na amarya kuwa kashi ɗaya ne cikin goma sha biyu. Idan kika raba 12,000 a kan kwano 120 da kuka yi niyyar saye, kowane kwano zai ɗauki naira 100, sai ya zama Hajiya 6,000, ke 3,000, matar malam 2,000, amarya 1,000. Rabon da aka yi ya sa amarya ta biya ninki uku na abin da ke kanta, ya sa kwanonta ya tashi a kan 1,500, daidai da farashin bakin titi, alhali ta ba da kuɗinta tun kafin ta ga kaya, ta yi jira, ta kuma ɗauki kasadar da mai saye a bakin titi ba ya ɗauka. Wanda ya sayi kwano 10 yawanci shi ne mai ƙaramin ƙarfi a cikin tafiyar, kuma abin da ya fi damuna a irin wannan rabo shi ne a kansa nauyin yake sauka, ba tare da kowa ya yi niyyar cutar da shi ba.

Na san ba da mugun nufi kika raba gida huɗu ba, kuma akwai dalilin da ya sa ba ki ji rashin daidaiton a jikinki ba. Kwano 30 shi ne rubu'in 120 cif, saboda haka ko ta gida aka raba ko ta kwano, naki 3,000 ne. Wannan zai taimake ki idan kin zo yin bayani, domin a batun mota ba ki da riba ba ki da asara, babu wanda zai ce kanki kike ja wa.

Ki tuna yadda ake watanda a unguwanninmu idan salla ta gabato. Ana sayen sa, a haɗa da kuɗin jawo shi da ladan mahauci, a kasa naman kashi-kashi, wanda ya ɗauki kashi uku ya biya kuɗin uku da duk ɗawainiyar da ke cikinsu, wanda ya ɗauki ɗaya ya biya na ɗaya. Idan san ya ba da nama ƙasa da yadda aka zata, kowane kashi ne yake raguwa, ba a cewa wanda ya zo ƙarshe ya haƙura da ƙashi. Masararku ma haka take, kwano shi ne kashinta.

Wannan ya kawo mu ga giɓin kwano 6. Tun daga lokacin da aka biya mai hatsi har zuwa lokacin da aka gama awo, masarar nan mallakarku ce ku huɗu a haɗe, Hajiya tana da rabi, ke rubu'i, sauran biyun kuma gwargwadon kuɗinsu. Babu wata ƙwaya da za a nuna a ce ta wance ce. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida a kan tarayya, cewa wanda yake cin ribar abu shi yake ɗaukar asararsa, kuma asarar dukiyar tarayya tana bin gwargwadon rabon kowa. Da buhunan sun ba da kwano 126, ba na shakka kowa zai miƙo hannu a ba shi nasa ƙarin, kuma da gaskiyarsa. Tunda 114 suka bayar, ragin ma na kowa ne. Kasancewarki ta ƙarshe a layi ladabi ne kika yi wa baƙin da suka zo gidanki, kuma ladabi ba ya mayar da asarar mutum huɗu ta zama ta mutum ɗaya.

Kada kuma a yi saurin zargin ƙanin maigidanki. Lissafin kwano 40 a buhu, wanda ake yi a kasuwannin hatsi irin su Dawanau, ƙiyasi ne na buhu mai kilo 100 da kwano mai ɗaukar kimanin kilo biyu da rabi, kuma abubuwa da yawa suna sa a samu saɓani. Wani buhun tun asali ba a cika shi ba aka ɗinke. Kwanon gida sau da yawa ya fi na kasuwa zurfi, musamman idan ya tsufa gindinsa ya lotsa. Hannun mai awo ma yana da tasiri sosai, domin mace mai kunyar maƙwabta takan cika kwano ya yi tozo har ta tare da tafin hannu, kuma ɗan wannan ƙarin idan aka maimaita shi sau casa'in zai iya cinye kwano uku ko huɗu ba tare da kowa ya lura ba. Ga abin da ke zuba wajen lodi da saukewa, ga ƙura da dusar da ke taruwa a gindin buhu, sannan idan sabuwar masara ce da ba ta gama bushewa ba, takan ƙanƙance idan ta sha iska. Ragin kwano 2 a kowane buhu bai fita daga abin da waɗannan dalilai za su iya haifarwa ba. Wanda aka wakilta ya sayo kaya amintacce ne a shari'a, ba a ɗora masa biyan abin da ya ragu sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya saɓa abin da aka umarce shi. Idan kina son gane inda ragin ya fito, ki ɗauki kwanon da kuka yi awo da shi ki kai wurin mai awo a unguwa, ki sa ya auna miki kwano ɗaya ki juye a naki. Idan bai cika naki ba, to babban ɓangaren giɓin yana cikin buhunan maƙwabtanki ne a matsayin ƙarin da ba a ƙirga ba.

Ga lissafin yadda zai kasance. Kuɗin masara 144,000 ne, ɗawainiya 12,000, jimla 156,000. Idan aka raba wannan a kan kwano 114 da aka samu, kowane kwano ya tsaya a kan naira 1,368 da 'yan kwabbai, sai ku mayar da shi 1,370 don sauƙi. Hajiya ta ɗauki kwano 60, kuɗinsu 82,200, ta riga ta ba da 75,000, saura 7,200 a kanta. Matar malam ta ɗauki 20, kuɗinsu 27,400, ta ba da 27,000, za ta cika 400. Amarya ta ɗauki 10, kuɗinsu 13,700, ta ba da 15,000, za a mayar mata da 1,300. Ke kuma kwano 24 kika samu, kuɗinsu 32,880, kin ba da 39,000, za a mayar miki da 6,120. Abin da zai shigo 7,600 ne, abin da zai fita 7,420, sai naira 180 ta yi saura saboda cikon da aka yi wa farashin. Ki faɗa musu da wannan 180 ɗin, ku yanke abin da za a yi da ita tare, domin ƙaramin kuɗin da ba a ambata ba ya fi babban da aka ambata jawo zargi.

Idan masarar tana nan ba a kai niƙa ba, akwai hanya ta biyu wadda wataƙila ta fi yi wa Hajiya sauƙi a zuciya, wato a gyara giɓin da masara, a gyara kuɗin mota da kuɗi. Tunda an samu 114 a maimakon 120, kowa zai rasa kwano ɗaya a cikin kowane ashirin. Hajiya za ta dawo miki da kwano 3, matar malam 1, amarya rabin kwano, sai naki ya koma 28 da rabi. A ɓangaren kuɗi kuma Hajiya za ta ƙara 3,000, a ba amarya 2,000, a ba matar malam 1,000. Sakamakon hanyoyin biyu kusan ɗaya ne, amma mutane da yawa sun fi jin sauƙin ɗebo kwano uku daga buhu a kan zaro dubu bakwai daga jaka. Ki gabatar da duka biyun, ki bar mata zaɓi.

Hujjar Hajiya kuwa ba za a watsar da ita gaba ɗaya ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Ita kaɗai za ta iya sayen buhu guda a farashin sari, amarya kuwa ba za ta iya ba. Sai dai a duba abin da zai faru in da ita kaɗai ta aika. Kwano 60 buhu ɗaya da rabi ne, kuma rabin buhun nan da wuya a ba ta shi a farashin buhu, awo za a yi mata. Mai mota ba zai karɓi rabin 9,000 don an rage buhu ɗaya da rabi ba, tunda nisan hanya da man da zai ƙona ba su ragu da rabi ba, kuma duk abin da ya caza ita kaɗai za ta biya. Sannan sai ta nemi wanda zai je mata. Ke nan ita ma ta amfana da shigowarku, kamar yadda kuka amfana da tata. Ban da haka, ko bayan an gyara lissafin ita ce ta fi kowa cin riba: tsakanin 1,370 da 1,500 na bakin titi akwai naira 130 a kowane kwano, wanda ya ba ta rangwamen 7,800, amarya kuma 1,300. Ladan yawan sayenta ya riga ya zo mata ta wannan hanya. Idan mai sayen da yawa yana son a yi masa wani ragi na musamman, wannan sharaɗi ne da ake faɗa kafin a karɓi kuɗin kowa, don wanda bai yarda ba ya janye, ba a fito da shi bayan kaya sun shiga gida.

Akwai kuɗaɗen da ba sa bin kwano, kuma yana da kyau ki san su don kada gyaran ya wuce gona da iri. Idan da mai motar ya sauke kaya a ƙofarki, sannan aka ƙara masa wani abu ya kai na mutum ɗaya wani layi mai nisa, wannan ƙarin na mai kayan ne shi kaɗai. Haka kuɗin surfe da niƙa, ko sabon buhun da wata ta ce a sayo mata, ko wani kaya na daban da ta ba da saƙo a haɗo mata da shi. Abin da za ki tambayi kanki a kan kowane kuɗi shi ne, don kayan gaba ɗaya aka kashe shi, ko don buƙatar mutum ɗaya? Na farko a watsa shi a kan kwanuka, na biyu a rubuta shi a gaban sunan mai shi. Buhunan da aka juye ma dukiyar haɗaka ce, ko da kuɗinsu ba shi da yawa, saboda haka a faɗi wanda zai riƙe su.

Ban ga kin ambaci kuɗin motar da ƙanin maigidanki ya hau zuwa kasuwa ba, ko wani abu na wahalarsa, kuma ina zaton daga aljihun gidanku suka fita. A wannan karon ki bar shi, domin shigo da shi yanzu zai sa a ga kamar kina neman ƙarin abin da za ki ɗora wa mutane. Nan gaba kuwa a yanka masa ladansa tun farko, a sa shi cikin jimlar ɗawainiya. Ki kuma bambance abu biyu da mutane kan cakuɗa. Idan kuɗinsu kika karɓa kika aika a sayo, ke wakiliya ce, farashin da aka sayo shi za ki faɗa, ba ki da ikon ɗora riba a ɓoye, kuma asara ta kowa ce. Idan kuwa da kuɗinki kika sayo buhunan sannan kika ce ga kwano a kan kaza, to ciniki kike yi, ribar taki ce, giɓin ma naki ne. Abin da ya faru da ke shi ne kin yi aikin wakiliya ba lada, sannan kin ɗauki asarar 'yar kasuwa ba riba.

Idan za ku sake haɗawa, a tara kuɗin kowa kafin a tafi, har da ƙiyasin ɗawainiya, a kuma faɗa a fili cewa adadin kwanon da kowa ya ambata rabo ne, zai iya ƙaruwa ko ya ragu. Ranar awo a shimfiɗa babbar leda ko tabarma a tsakar gida, a juye buhunan duka a gauraya, domin buhu uku ba sa zama iri ɗaya, kuma bai kamata wata ta samu saman buhu mai tsabta wata ta samu gindi mai tsakuwa ba. Mutum ɗaya ya yi awon da kwano ɗaya, a gaban kowa ko wakilinsa, a kuma amince tun farko ko da tozo za a auna ko a shafe. Sannan kada a sallami kowa gaba ɗaya, a riƙa zagayawa. A rabonku, kowane zagaye Hajiya 6, ke 3, matar malam 2, amarya 1, wato kwano 12. Da haka kuka yi, da bayan zagaye tara za ku ga kwano 6 ne kawai suka rage a ƙasa, kowa yana kallo, sai a yi rabin zagaye: 3, ɗaya da rabi, 1, da rabi. Babu wanda zai buƙaci a yi masa bayanin giɓi, tunda a gabansa tsibin ya ƙare.

Game da yadda za ki tunkari maganar, ki fara da Hajiya, ke kaɗai, a gidanta, a lokacin da ba ta da baƙi. Babba ce, kuma ita za ta fitar da kuɗi, idan ta fara jin batun a gaban amarya za ta ɗauke shi a matsayin an tara mata mutane. Ki rubuta lissafin a takarda da manyan lambobi, abin da aka kashe, abin da aka auna, abin da kowa ya bayar da abin da ya ɗauka. Bayan gaisuwa ki ce mata wani abu kamar haka: "Hajiya, lissafin masarar nan ne na sake dubawa, na ga yadda na raba kuɗin mota ya danne amarya, kuma awon bai cika ba. Na kawo miki ne ki duba mana a matsayinki na babba, don kada haƙƙin wani ya zauna a kanmu." Kada ki ce ta ci kuɗin kowa, domin ba ta ci ba, abin da aka ce ta bayar shi ta bayar. Ki bar mata takardar ta kwana da ita, wataƙila ta nuna wa maigidanta ko ɗanta, kuma duk wanda ya saba da kasuwa zai gane lissafin da kallo ɗaya. Amarya kuma ki sanar da ita cewa kin ji kukanta kuma kina kan gyara, ki roƙe ta ta daina zancen a waje har ki dawo mata da amsa.

Idan Hajiya ta amince da wani ɓangare ta ƙi wani, ki sa haƙƙin amarya a gaba, domin ke kika tsara rabon da ya jawo mata ƙarin, kuma ita ce mafi rauni a cikinku. Kuɗin da za a mayar mata bai kai rubu'in naki ba, saboda haka ko Hajiya 3,000 kawai ta bayar, ya isa a sallami amarya, ragowar ya rage miki asara. Naki haƙƙin kuwa kina da ikon ki bi shi, kina da ikon ki yafe, amma idan za ki yafe ki faɗa da bakinki cewa kin san adadinsa kin kuma bar shi, don kada a ɗauka haka tsarin yake a maimaita miki a kaka mai zuwa. Abin da ba ki da iko a kansa shi ne ki yafe na amarya a madadinta. Idan Hajiya ta ƙi gaba ɗaya, kada ki kai maganar gaban mai unguwa a kan wannan adadi, ki nemi wata dattijuwa da take jin nauyinta ta yi mata magana sau ɗaya. In hakan bai yi ba, ki biya amarya 1,300 ɗinta idan kina da hali, ki ci gaba da gaisawa da Hajiya kamar da, sannan duk ranar da aka sake tayar da zancen haɗaka ki karanta sharuɗɗan a gaban kowa kafin ki karɓi kuɗin kowa.